Yadda ake fitar da shekarun mutumin da ya rayu kafin a gyara kalanda

Duk shekara, idan lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zo, ɗalibai kan same ni a Birnin Kebbi da tambaya iri ɗaya: "Malam, wannan littafi ya ce ya rasu yana da shekara 60, wancan ya ce 62, wanne zan rubuta?" Malaman makarantun Islamiyya ma sukan turo irinta daga Argungu da Jega da Gusau, musamman idan za su shirya tarihin wani malami don ranar saukar karatu. Sau da yawa babu wanda ya yi ƙarya a cikin littattafan biyu. Kowanne da mudun da ya yi awo da shi, sai dai bai faɗa wa mai karatu ba.

Aikin ba ya cin kuɗi. Takarda mai layi da alƙalami da kalkuletar da ke cikin wayarka sun isa. Abin da zai iya taɓa aljihunka shi ne kuɗin mota zuwa inda takardar asali take, da hoton da za ka ɗauka ko kwafin da za ka yi. Abin da na fi so ka riƙe tun daga farko shi ne: ba a debe shekara daga shekara. Ana mayar da ranar haihuwa da ranar rasuwa zuwa ƙidayar kwanaki guda ɗaya, a debe kwanakin, sannan a raba. Ga yadda ake bi.

1. Kwafe kwanan watan yadda yake a takarda

Kafin ka taɓa kalkuleta, rubuta duk abin da marubucin ya faɗa, kalma da kalma: ranar mako, dare ne ko rana, kwanan wata, sunan wata, shekara, da garin da aka yi rubutun. Kada ka gyara komai, kada ka taƙaita. Ranar mako ce ɗalibai suka fi yarwa, suna ganin ado ce kawai, alhali ita ce shaidar da za ta cece ka a mataki na biyar.

Hattara da shekarar da aka rubuta da haruffa. Na taɓa zama a zauren wani dattijo a Gwandu, ya kwance gafaka ya ciro wasu takardu da gefensu ya cinye, ya nuna mini ƙarshen wata waƙa inda mai kwafi ya sa shekara da ramzi. Ɗalibin da na je da shi ya lissafa haruffan ya samu ɗari biyar da 'yan kai. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, lissafin Gabas ka yi. Mu a nan shin dubu ce." Gaskiyarsa. A lissafin haruffa na Magrib, wato ƙasashen Larabawan Arewa maso Yammacin Afirka, wanda rubuce-rubucen ƙasarmu suke bi, shin 1000 ce, a na Gabas kuwa 300. Ɗauki shin da ra da ya da ha ƙarami: a namu 1000 da 200 da 10 da 8, wato 1218, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu. A na Gabas 518 za su ba ka. Haruffa shida ne lissafin biyu suka saɓa a kansu: sin, shin, sadi, ladi, zadi da angai. Idan ɗayansu ya fito a ramzi, tsaya ka tabbatar.

2. Gano kalandar da marubucin yake kai

Idan Hijiriyya ce, da sauƙin ganewa, sunan watan zai gaya maka. Matsalar tana wajen Miladiyya, domin kalanda biyu ne suke amsa suna ɗaya, watanninsu ɗaya, ba abin da ya bambanta su a ido. Tsohuwar ita ce ta Juliyan, mai ƙara kwana ɗaya a Fabrairu duk shekara huɗu ba fashi. Sabuwar ita ce ta Girigori, wadda muke kai yau. Fafaroma Girigori na 13 ne ya kawo gyaran a 1582: aka kwanta ranar Alhamis 4 ga Oktoba, aka wayi gari Juma'a 15 ga Oktoba. Lura da kyau, kwanan wata ne ya yi tsalle, ranar mako ba ta motsa ba.

Duk kwanan watan Miladiyya da ya gabaci Oktoban 1582, masana tarihi da Juliyan suke rubuta shi. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Zamanin Muhammadu Kanta da ginin Surame duk a ƙarni na 16 ne kafin gyaran, don haka idan ka ga rana da wata na Miladiyya a littafin tarihin da ya yi maganar wannan zamani, ka ɗauka Juliyan ce sai in marubucin ya ce ba ita ba.

Bayan 1582 kuma sai ka tambayi ƙasar da aka yi rubutun, domin ba rana ɗaya kowa ya karɓi gyaran ba. Sifen da Fotugal sun karɓa nan take. Faransa ta bi a Disambar wannan shekara. Ingila da ƙasashen da take mulka sun jira har 1752, inda 14 ga Satumba ta biyo bayan 2 ga Satumba. Rasha sai 1918, Girka 1923. Ke nan ɗan kasuwar Fotugal da na Ingila da suka ga abu ɗaya a gaɓar teku a shekarar 1690 za su rubuta kwanan wata biyu masu tazarar kwana goma, kuma kowannensu daidai ya rubuta.

Tazarar ba a tsaye take ba, ƙaruwa take yi. Ga abin da za ka ƙara a kan kwanan Juliyan ka samu na Girigori:

- daga Maris 1400 zuwa Fabrairu 1500, kwana 9
- daga Maris 1500 zuwa Fabrairu 1700, kwana 10
- daga Maris 1700 zuwa Fabrairu 1800, kwana 11
- daga Maris 1800 zuwa Fabrairu 1900, kwana 12
- daga Maris 1900 zuwa yau, kwana 13

Kuskuren da na fi gani a nan shi ne mutum ya haddace "kwana goma" ko "kwana sha uku" ya riƙa zubawa a kowane ƙarni. Shekarar 1600 ba ta ƙara komai ba domin kalandun biyu duk sun ba ta 29 ga Fabrairu, shi ya sa goma ta daɗe shekara ɗari biyu.

Akwai wani tarko na gida. Idan ka ga marubucin Larabci ko ajami ya ambaci watan rana kusa da watan Hijira, kada ka yi saurin cewa Girigori yake nufi don kawai ya rayu bayan 1582. Kalandar noma ta Magrib ta zauna a kan Juliyan har yau, farkon shekararta yana faɗawa 14 ga Janairu a tamu. Malamin da ya koyi lissafin taurari daga littattafan wannan yanki zai iya kasancewa a kanta. Ka gwada duka biyun da ranar mako, wadda ta dace ita ce.

3. Tambayi ranar da shekara take farawa

Kuskuren kwana goma ko sha ɗaya ƙarami ne a kan wannan, domin wannan shekara guda cur yake ci. A Ingila, har zuwa 1751, sabuwar shekara ta hukuma tana farawa ne 25 ga Maris. Wato bayan 31 ga Disamba 1731 sai 1 ga Janairu 1731, lambar ba ta canjawa sai an kai ƙarshen Maris. Dokar da ta kawo gyaran 1752 ita ce ta mayar da farkon shekara 1 ga Janairu.

Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne George Washington, shugaban Amurka na farko, domin an haife shi kafin gyaran, ya mutu bayansa. A lissafin lokacin, an haife shi 11 ga Fabrairu 1731. Ya mutu 14 ga Disamba 1799. Wanda ya ɗauki lambobin nan yadda suke zai ce ya yi shekara 68 da wata 10. Sai a yi gyara biyu. Fabrairu ta gabaci 25 ga Maris, don haka shekarar a ƙidayarmu 1732 ce. Sannan a ƙara kwana 11, a samu 22 ga Fabrairu 1732. Daga nan zuwa 14 ga Disamba 1799 shekara 67 ce da wata 9 da kwana 22. Rashin gyaran ya ƙara masa fiye da shekara ɗaya da bai rayu ba.

Ga alamomin da za ka nema. Idan ka ga shekara a rubuce kamar 1731/2, marubucin yana gaya maka lamba ta farko ta tsohon lissafi ce, ta biyu ta sabo, kuma ta biyun za ka ɗauka. Idan ka ga O.S. bayan kwanan wata, tsohon tsari ne, N.S. kuwa sabo. Amma O.S. ɗin ma tana da yaudara: wasu marubuta sukan gyara shekarar su bar ranar a Juliyan, su kuma sa mata wannan alama. Saboda haka duk kwanan watan takardar Ingilishi da ya faɗa tsakanin 1 ga Janairu da 24 ga Maris kafin 1752, ka duba takardun da ke gabansa da bayansa ka ga inda lambar shekara take juyawa. Idan ka ƙara shekara a kan wadda aka riga aka gyara, ka yi kuskuren da ka zo gudu, ta ɗaya gefen.

4. Mayar da kwanan Hijiriyya zuwa lamba ɗaya

Mu dawo kan abin da ya fi zuwa hannunmu. Zan yi aikin da Imam Jalaluddin Suyuɗi, malamin Masar da babu zauren karatu a ƙasar Hausa da ba a san sunansa ba, wanda har wasiƙa ya rubuto wa sarakunan wannan yanki, cikinsu da Sarkin Katsina Ibrahim Sura. Shi da kansa ya faɗi cewa an haife shi bayan magariba, daren Lahadi, farkon Rajab na shekarar 849. Masu tarihinsa sun ce ya rasu da asubahin daren Juma'a, 19 ga Jimada Ula, 911. Rayuwarsa duka kafin 1582 take.

Za mu ƙidaya kwana nawa ne daga 1 ga Muharram na shekara ta 1 zuwa kowace rana cikin biyun. Abu huɗu ake haɗawa. Na farko, shekarun da suka cika, wato shekarar a debe ɗaya, a ninka da 354. Na biyu, kwanakin ƙari, domin a duk shekara 30 akwai 11 masu kwana 355: ninka shekarar da 11, ƙara 3, raba da 30, ka yar da abin da ya biyo bayan ɗigo. Na uku, kwanakin watannin da suka wuce a shekarar. Na huɗu, kwanan watan kansa.

`N = 354 × (H − 1) + ⌊(11 × H + 3) ÷ 30⌋ + W + R`

N jimlar kwanakin ce, H shekara, R kwanan wata, W kuwa ka ɗauko daga nan: Muharram 0, Safar 30, Rabi'ul Awwal 59, Rabi'us Sani 89, Jimada Ula 118, Jimada Sani 148, Rajab 177, Sha'aban 207, Ramadan 236, Shawwal 266, Zulƙida 295, Zulhajji 325.

Haihuwa: 848 sau 354 ya ba da 300,192. Kwanakin ƙari, 849 sau 11 da ƙarin 3 ya zama 9,342, a raba da 30 a yar da ragowa, 311. Rajab 177, rana 1. Jimla 300,681.

Rasuwa: 910 sau 354 ya ba da 322,140. Kwanakin ƙari 334. Jimada Ula 118, rana 19. Jimla 322,611.

Wurin da hannu yake zamewa shi ne debe ɗayan nan. Ana debe shi a kashi na farko kawai, a kashi na biyu da cikakkiyar shekarar ake aiki. Kuma ragowar rabon yar da ita ake yi ko da ta kai ɗigo tara, ba a cika ta zuwa sama.

5. Gwada lambar da ranar mako

Lissafin da muka yi na tebur ne, yana ba wa wata kwana 30 na bayansa 29 a jere. Mutane kuwa da ido suke ganin wata, kuma mu da muke jiran sanarwar Sarkin Musulmi duk azumi mun san gani da lissafi ba kullum suke haɗuwa ba. Sukan saɓa da kwana ɗaya, wani lokaci biyu. Ranar mako ce alƙali.

Raba lambar da 7 ka duba ragowa. Ragowa 1 Juma'a, 2 Asabar, 3 Lahadi, 4 Litinin, 5 Talata, 6 Laraba, in babu ragowa Alhamis. A kalkuletar waya, raba da 7, ɗauki lambar da ke gaban ɗigo, ninka ta da 7, ka debe daga ta asali.

Lambar haihuwa, 300,681, ta bar 3. Lahadi ke nan, ta yi daidai da abin da ya faɗa. Lambar rasuwa, 322,611, ta bar 2, wato Asabar, alhali an ce Juma'a. A nan ne littattafai suka rabu: wanda ya bi tebur ya rubuta 18 ga Oktoba 1505, wanda ya bi ranar mako ya rubuta 17. Ni da na biyun nake. Mutumin da ya halarci jana'iza ba ya manta cewa Juma'a ce, kuma abin da saɓanin yake nunawa shi ne watan ya kama a Alƙahira kwana ɗaya kafin ranar da tebur ya ba shi. Sai mu mayar da lambar 322,610.

In saɓanin ya kai kwana uku, kada ka tilasta shi. Ko dai ka yi kuskure a lissafi, ko mai kwafi ya yi tuntuɓe a lamba, ko shekarar ba ita ba ce. A rubutun hannu na Larabci, kalmar bakwai da ta tara kusan siffa ɗaya gare su idan ɗigo ya goge, kuma na sha ganin 17 ta koma 19 ta wannan hanya. Gwada ɗayar ka gani ko ranar mako za ta zauna.

Sai maganar dare, wadda Bahaushe bai kamata ya faɗa ramin ta ba, amma muna faɗawa. Mun san "daren Juma'a" shi ne daren da ake wayar gari Juma'a, domin kwanan Musulunci da magariba yake shiga. Amma da an zo mayarwa Miladiyya sai a manta. Suyuɗi ya ce bayan magariba daren Lahadi, wato a agogon da ke juya kwana da sha biyun dare har yanzu Asabar ce. Lambar haihuwarsa a wannan ƙidaya 300,680. Rasuwar kuwa da asubahi ce, tsakar dare ta riga ta wuce, don haka tana nan a Juma'a. Ƙa'idar ita ce: abin da ya faru tsakanin magariba da sha biyun dare, ja da baya kwana ɗaya, abin da ya faru bayan sha biyu, bar shi.

6. Debe kwanaki, sannan ka raba

322,610 a debe 300,680, saura 21,930. Waɗannan su ne kwanakin da ya yi a duniya, kuma babu Fafaroma ko majalisar da za ta ƙara ko ta rage su. Lura cewa lambobin biyu duk sun ja baya da ɗaya, kowace da dalilinta, shi ya sa amsar ta yi daidai da wadda za ka samu ba tare da gyara ba. Dace ne kawai, kada ka dogara da shi a wani aikin.

Don shekarun rana, raba da 365.25. Sittin sau 365.25 ya ba da 21,915, saura 15. Shekara 60 da kwana 15. Don shekarun wata, raba da 354.367, ka samu 61 da ɗigo takwas da 'yan kai. In kana son watanni da kwanaki, ƙidaya da yatsa ta fi: daga 1 ga Rajab 849 zuwa 1 ga Rajab 910 shekara 61, daga nan zuwa 1 ga Jimada Ula 911 wata 10, sai kwana 18.

To ga inda 60 da 61 da 62 suka fito. Sittin na rana ne. Sittin da ɗaya cikakkun shekarun wata ne. Sittin da biyu kuwa ko dai an debe 849 daga 911 kai tsaye, ko marubucin yana nufin shekarar da ya shiga bai cika ba. Wannan bambanci na "ya cika" da "ya shiga" yana nan a Larabci kamar yadda yake a Hausa, kuma mai fassara mai gaggawa yakan haɗiye shi. A kowace shekara 33 ta wata akwai kusan 32 ta rana, don haka tsoho mai shekara sittin da wani abu kullum za ka ga tazarar kusan shekara biyu tsakanin lissafin biyu.

7. Idan kana buƙatar kwanan Miladiyya

Kwanakin Suyuɗi a Juliyan su ne yammacin Asabar 2 ga Oktoba 1445 da Juma'a 17 ga Oktoba 1505. Yawancin littattafai 3 ga Oktoba suke sawa a haihuwar, domin ita ce ranar 1 ga Rajab da rana, kuma yanzu ka san dalilin.

Ɗalibai da yawa manhajar waya suke buɗewa, su kwafe abin da ta ba su. Kafin ka amince da kowace manhaja ko shafin sauya kwanan wata, yi mata jarrabawa ɗaya: sa mata 1 ga Muharram shekara ta 1. In ta ce 16 ga Yuli 622, ko 15, da Juliyan take aiki a zamanin da. In ta ce 19 ga Yuli, ko 18, to ta ja Girigori ne baya zuwa zamanin da ba a ƙirƙiro ta ba. Irin wannan za ta ba ka 28 ga Oktoba 1505 a matsayin 19 ga Jimada Ula 911. Lissafinta bai karye ba, amma ba zai haɗu da na littattafan tarihi ba. Ɓarnar tana zuwa ne idan ka ɗauki haihuwa daga littafi, rasuwa daga waya, ka haɗa su a layi ɗaya. Wata ɗaliba daga Zuru ta taɓa kawo mini aikinta da irin wannan gauraye a shafi uku, muka zauna muka warware su ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane kuskure kwana tara ne ko goma cif. Wannan ita ce alamar cutar: in ka ga saɓani na 9, 10 ko 11 daidai, kalanda biyu aka cakuɗa.

Excel kada ka ba shi wannan aiki, domin kwanan watan da ya gabaci 1900 rubutu kawai yake ɗaukarsa, ba ya lissafi da shi. Mai Python kuma ya sani `datetime.date` Girigori ce zalla har baya, za ta karɓi `date(1582, 10, 10)` ba gardama, ranar da ba a taɓa yin ta a Roma ba. Ga ɗan gajeren abin da nake amfani da shi, mai mayar da kowace kalanda cikin ukun zuwa lambar kwana guda da masana taurari suke aiki da ita:

```python
def jdn(y, m, d, greg):
    a = (14 - m) // 12
    y, m = y + 4800 - a, m + 12*a - 3
    n = d + (153*m + 2)//5 + 365*y + y//4
    return n - y//100 + y//400 - 32045 if greg else n - 32083

def hijri(y, m, d):
    return d + (59*(m-1) + 1)//2 + 354*(y-1) + (11*y + 3)//30 + 1948439
```

`hijri(911, 5, 19)` zai ba da 2271050, `jdn(1505, 10, 17, False)` kuma 2271049, ga kwana ɗayan da muka gyara a fili. Wannan lamba ita ce N ɗinmu da ƙarin 1,948,439. Amfaninta shi ne idan haihuwa tana Hijiriyya, rasuwa tana takardar Bature, kowace ka mayar da ita lamba ka debe. A wannan lambar, ragowar rabo da 7 daga Litinin take farawa a kan sifiri, ba kamar ta mataki na biyar ba.

8. Idan shekara kawai aka ba ka

Wannan shi ne yawancin abin da za ka tarar a tarihin sarakuna da malaman Kabi da Zamfara: shekara, ba wata, ba rana. A nan ba lamba ɗaya za ka bayar ba, iyaka biyu za ka bayar. Da a ce 849 da 911 kawai muka sani, mafi ƙaranci shi ne a haife shi ƙarshen 849 ya rasu farkon 911, shekara 61 da kwana ɗaya. Mafi yawa shi ne a haife shi farkon 849 ya rasu ƙarshen 911, saura kaɗan 63. A shekarun rana, tsakanin 59 da 61. Haka za ka rubuta.

Kuma kusan kowace shekarar Hijira tana taka shekarun Miladiyya biyu. Don sanin inda ta fara, yi `H × 0.970224 + 621.5774`. Ɗauki 1168, shekarar haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo: amsar 1754.80 ce, wato ta fara wajen tsakiyar Oktoban 1754. A tebur ta fara 18 ga Oktoba 1754 ta ƙare 6 ga Oktoba 1755. Kwana 75 kacal ne nata a cikin 1754, sauran 279 suna cikin 1755. Wanda ya yi caca da rinjaye zai rubuta 1755, kuma zai faɗi, domin an haifi Shehu ranar Lahadi ƙarshen Safar, 15 ga Disamba 1754. Ya rasu 3 ga Jimada Sani 1232, 20 ga Afrilu 1817. Kwanakinsa 22,771: shekara 62 da wata 4 na rana, 64 da wata 3 na wata. Shi a bayan gyaran ya rayu, don haka Girigori ake rubuta masa, amma darasin shekara mai ƙafa biyu ɗaya ne. In ba ka da wata, rubuta 1168/1754-55, kada ka zaɓi ɗaya.

Ka kuma yi taka-tsantsan da shekarar haihuwar da aka ƙago daga shekarun rasuwa. Marubuci yakan ji an ce wane ya rasu yana da 80, ya debe 80 daga shekarar Miladiyya, ya buga sakamakon a matsayin shekarar haihuwa. Tamanin ɗin na wata ne, na rana 77 da rabi da ɗan ɗori, ga shi kuma tamanin lamba ce da baki yake son cikawa. In ka ga haihuwa da rasuwa sun ba da 60 ko 70 ko 80 daidai wa daida, bincika ko an taɓa rubuta haihuwar a wata takarda mai zaman kanta.

9. Rubuta amsar da mudunta

Layin da zai shiga kundinka ya ƙunshi abu uku: kwanan watan asali yadda yake a takarda, abin da ka mayar da shi tare da sunan kalandar, da shekarun tare da faɗin na rana ne ko na wata. Na Suyuɗi zai zama haka: an haife shi daren Lahadi 1 ga Rajab 849, daidai da yammacin 2 ga Oktoba 1445 a Juliyan, ya rasu Juma'a 19 ga Jimada Ula 911, daidai da 17 ga Oktoba 1505 a Juliyan, ya rayu shekara 61 da wata 10 da kwana 18 na Hijiriyya, wato shekara 60 da kwana 15 na rana. A ƙasan shafi ka ƙara jimla ɗaya cewa tebur ya ba da 18 ga Oktoba, kai ka bi ranar makon da masu tarihinsa suka ambata. Takardar da ka yi lissafin a kai kuma ka liƙa ta a bayan kundin, domin mai duba aikin zai nemi ganin inda 21,930 ta fito.